Kalmomin Dangantaka a Saƙon Ta'aziyya na Harshen Biyetnam

Abin da muke nufi da kalmar kira shi ne lafazin da mai magana yake ambatar kansa da shi, ko wanda yake yi wa magana, ko wanda ake magana a kansa. A harshen Biyetnam sunayen dangi ne suke ɗaukar mafi yawan wannan aiki, ko da babu jini tsakanin masu maganar, har a ofis. Saƙon ta'aziyya kuwa, wato 'yan jimlolin da ake aika wa wanda aka yi wa rasuwa, yana haɗa mutum uku: marubuci, da abokin aikinsa, da mamaci. Ra'ayinmu shi ne ba a zaɓar kalmomin waɗannan ukun a rarrabe, domin ta farko ce take tsayar da sauran.

Matakin farko shi ne auna shekaru tsakanin marubuci da abokin aikin. Idan abokin aikin ya ɗan girme shi, namiji ana kiransa anh, wato wa, mace kuma chị, wato ya, sai marubuci ya kira kansa em, wato ƙane ko ƙanwa. Idan marubucin ne babba, kalmomin sai su juya. Idan kuwa abokin aikin ya kai tsarar iyayensa, to ya zama chú, ƙanen uba, ko cô, gwaggo, marubuci kuma ya koma cháu, kalmar da ta haɗa ɗan ɗan'uwa da jika.

Mataki na biyu ne ya fi bukatar natsuwa, domin ana kiran mamaci ne daga inda marubuci yake tsaye. Wanda ya kira abokin aikinsa wa ko ya, ya riga ya sa iyayen abokin a sahun iyayensa, don haka zai kira mamacin bác. Asalin wannan kalma wan uba ko yayarsa ne, kuma ana amfani da ita ga wanda ya girmi iyayen mai magana. Ko da ba a san shekarun mamacin ba, ita ce ta fi aminci, tunda ɗaukaka shi take yi. Ba ta bambanta jinsi, sai an ƙara: bác trai ga uba, bác gái ga uwa. Amma wanda ya kira abokin aikinsa chú ko cô ya sauka da hawa ɗaya, don haka mamaci ya zama kakansa, ông ga namiji, bà ga mace, ko kuma cụ idan tsoho ne tukuf.

Mu ɗauki misalin wata ma'aikaciya a Hanoi mai shekara 28, wadda mahaifin abokin aikinta mai shekara 35 ya rasu. Za ta iya rubuta: "Em nghe tin bác trai mất. Em xin chia buồn cùng anh và gia đình. Mong anh giữ gìn sức khỏe." Ma'anarsa ita ce ƙanwa ta ji labarin rasuwar baba, tana neman ta raba baƙin ciki da wanta da iyalinsa, tana kuma fatan ya kula da lafiyarsa. Da a ce abokin aikin ɗan shekara 55 ne, em za ta koma cháu, anh ta koma chú, bác trai kuma ta koma ông ko cụ. Sauya ɗaya a bar sauran kuskure ne da ɗan harshen yake ganewa nan take: saƙon da ya haɗa cháu da chú sannan ya kira mamaci bác ya mayar da uba wan ɗansa.

Akwai wasu kurakurai da suka fi samun masu koyo. Wakilin suna tôi, wato ni, daidai yake a nahawu, amma a saƙo tsakanin abokan aiki yana da sanyi kamar takardar hukuma. Kalmar uba, bố a arewacin ƙasar ko ba a kudu, idan aka rubuta ta ita kaɗai tana iya nuna kamar mahaifin marubucin ake nufi, don haka akan ce bố anh, mahaifin wana, ko da yake bác ta fi ta ladabi. Haka nan aikatau chết, ya mutu, ya yi tsauri ga mahaifin wani. Ana amfani da mất ko qua đời.

Idan ofis ne gaba ɗaya yake aika saƙon, ko a kan ƙyallen da ke jikin furannin jana'iza, salon yakan koma ga kalmomin da aka aro daga Sinanci: thân phụ ga mahaifi, thân mẫu ga mahaifiya, da jimlar girmamawa Thành kính phân ưu. Addu'a kuma tana bin addinin gidan, domin mabiya Buddha suna roƙa wa mamaci kuɓuta zuwa ƙasar ni'ima, 'yan Katolika kuma suna ambatar ruhinsa da sunan waliyyin da aka raɗa masa. Wanda bai tabbatar da addinin gidan ba ya fi kyau ya tsaya ga chia buồn, wato raba baƙin ciki, wadda kowane gida yake karɓa.