Dalilin da ya sa kuɗin tallan kallo dubu a YouTube ba ya zama ɗaya

Yanzu daga Agege zuwa Sabon Ibadan har Fatakwal, samarinmu da yawa sun buɗe tasha a YouTube, kuma tambayar da aka fi yi ita ce: nawa ake biya a kan kallo dubu? Amsar dai ita ce babu tsayayyen farashi. Mutum biyu za su iya samun kallo dubu ɗari kowannensu a wata guda, ɗaya ya tashi da dala 20, ɗayan da dala 250, kuma ba a cuci kowa ba. YouTube ba kallo yake saya ba. Gurbin talla yake sayar wa kamfanoni, sannan ya raba kuɗin da mai bidiyon.

Yadda cinikin yake

Duk lokacin da wani ya buɗe bidiyo, kafin ya fara ana yin gwanjo a na'urorin Google cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Masu talla sun riga sun faɗi irin mutumin da suke nema, da ƙasarsa, da iyakar abin da za su biya. Wanda tayinsa ya yi nasara, tallarsa ce za ta fito. Idan babu mai taya wannan mai kallon, bidiyo ya tafi ba talla, kallon ya shiga lissafi amma ko sisi bai kawo ba.

Wanda ya san kara ba zai sha wahalar gane wannan ba. Sa ba shi da farashi a rubuce a goshinsa. Yawan masu taya da ƙarfin aljihunsu a ranar su ke yanke kuɗinsa, dillali kuma ya cire la'adarsa. A nan YouTube ne dillalin, sai dai la'adarsa babba ce: a dogon bidiyo yana ɗaukar kashi 45 cikin 100 na kuɗin talla, mai tasha ya karɓi kashi 55.

A cikin YouTube Studio, idan ka shiga Analytics sannan Revenue, za ka ga lambobi biyu da ake yawan rikitawa. CPM shi ne abin da masu talla suka biya a kan nuna talla sau dubu, kafin a cire la'ada. RPM kuma shi ne abin da ya shigo hannunka a kan kowane kallo dubu, bayan an cire la'ada, kuma an haɗa har da kallon da babu talla a cikinsa. Lissafinsa: RPM = (kuɗin da ka samu ÷ yawan kallo) × 1000. Shi ya sa RPM kusan kullum yake ƙasa da CPM sosai, kuma shi ne ya kamata ka sa wa ido.

Ƙasar mai kallo

Wannan ya fi komai tasiri. Abin da ake dubawa shi ne inda mai kallo yake, ba inda mai tasha yake zaune ba. Idan kana Legas amma masu kallonka suna Kano da Maraɗi da Kumasi, farashin waɗannan kasuwannin za a biya ka. Ko Landan ka koma da zama, muddin masu kallon ba su sauya ba, kuɗin ba zai sauya ba.

Dalilin yana aljihun mai kallo. Kamfanin inshora a Amurka ya san idan ya samu mutum ɗaya ta hanyar talla, zai riƙa karɓar kuɗi mai yawa a hannunsa shekara da shekaru, don haka ba ya jin nauyin tayi mai tsoka, ga kuma abokan gasa birjik. A Najeriya masu talla a YouTube ba su kai haka yawa ba, ribar da suke sa ran samu a kan mutum ɗaya ma ƙarama ce. Akwai kuma batun canji. Kamfanin gida da naira yake ware kuɗin tallarsa, shi kuwa mai tasha yawanci da dala yake ganin lissafinsa. Tun da darajar naira ta faɗi bayan an saki farashin canji a watan Yunin 2023, naira miliyan ɗaya ta talla ta koma daloli kaɗan a kan na da.

Ga tashar Hausa, harshen da kansa yana zaɓar maka ƙasashe. Mafi yawan masu ji suna Najeriya da Nijar da maƙwabta, sai 'yan'uwa mazauna Saudiyya da Turai da Amurka. Waɗannan na waje, ko ba su da yawa, suna iya ɗaga lissafin. A ce kallo 9,000 na gida yana kawo santi 30 a kowane dubu, wato dala 2.70, kallo 1,000 na waje kuma ya kawo dala 3. Ka ga kashi ɗaya cikin goma na masu kallo ya fi sauran tara kawo kuɗi. Kana iya ganin naka rabon a Advanced mode, ƙarƙashin Geography.

Wasu na cewa a kunna VPN ko a sayi kallo daga waje. Wannan hanyar asara ce. Google na ɗaukar kallon bogi a matsayin zamba ga masu talla, yana zare kuɗin, yana kuma iya dakatar da biyan tashar gaba ɗaya.

Abin da bidiyon yake magana a kai

Mai talla yana bin wanda ke dab da kashe kuɗi. Wanda ke kallon bayanin yadda ake buɗe asusun banki na kasuwanci, ko kwatanta wayoyi biyu, ko farashin batirin sola, ya nuna yana shirin saye, don haka bankuna da masu kaya suna rububinsa. Wanda ke kallon barkwanci ko waƙa kuwa nishaɗi ya zo yi, ba a san abin da zai saya ba, tayin sai ya yi ƙasa. Shi ya sa tashar barkwanci ke tara kallo kamar ƙasa amma kuɗin kowane dubu ya zama ɗan kaɗan.

Akwai kuma batutuwan da masu talla ke gudu. Bidiyon da ya nuna jini, gawa, faɗa ko zagi mai nauyi yakan samu alamar dala mai ruwan ɗorawa maimakon koriya, ma'ana talla kaɗan ce za ta fito ko babu sam. Masu tashar labarai su suka fi cin karo da wannan, domin labarin rikici ko haɗarin mota shi ke jan jama'a, shi ne kuma ba ya kawo kuɗi. Idan kana ganin an yi maka kuskure, kana iya neman mutum ya sake duba bidiyon. Haka nan bidiyon da aka sa wa alamar na yara: tun Janairun 2020 ba a nuna masa tallar da ke bin bayanan mai kallo, don haka kuɗinsa yakan ragu.

Lokacin shekara

Kamar yadda rago ke tsada ana saura mako guda Babbar Sallah, bayan sallah kuma ya karye, haka talla take da kakarta. Daga Oktoba zuwa Disamba ne farashi ya fi tashi, saboda rangwamen ƙarshen Nuwamba da sayayyar Kirsimeti, ga kamfanoni na ƙoƙarin ƙarar da kasafin shekara. Da an shiga Janairu sai ya faɗi, domin jama'a sun kashe kuɗinsu, sabon kasafi kuma bai kankama ba. Mai tasha zai ga kallonsa na nan yadda yake amma kuɗi ya ragu, ya ɗauka an hukunta shi, alhali kasuwa ce kawai. Don haka kada ka auna Janairu da Disamba. Auna Janairun bana da na bara.

Tsawon bidiyo

Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya sa masa talla a tsakiya, ban da ta farko da ta ƙarshe. A da minti 10 ne, a 2020 aka rage. Wannan ba ya ƙara farashin talla ɗaya, yawan tallar da mutum ɗaya zai gani yake ƙarawa. Amma fa tallar da ke minti na 7 sai wanda ya kai minti na 7 zai gan ta. Idan ka ja zancen minti 4 ya zama 9 kuma mutane na fita a minti na 3, ba ka ƙaru da komai ba. Duba zanen da ke nuna inda masu kallo ke ficewa kafin ka tsawaita.

Shorts kuwa tsarinsa daban. Tun Fabrairun 2023 ana tara kuɗin tallar da ke fitowa tsakanin gajerun bidiyoyi a wuri ɗaya, a raba bisa yawan kallo, mai tasha ya karɓi kashi 45 na rabonsa. Kuɗin kallo dubu a nan ya yi ƙasa da na dogon bidiyo nesa ba kusa ba.

Misali da lissafi

Ga tashoshi biyu, da lambobin da aka zaɓa don a ga yadda lissafin ke tafiya. Kowace ta samu kallo 100,000.

Ta farko barkwanci ce na minti 4, masu kallo kusan duk a gida. Kallo 40,000 ne suka samu talla, guda ɗaya kowanne, a kan CPM na dala 1. Masu talla sun biya dala 40. Kashi 55 na wannan dala 22 ne, RPM ya zama santi 22.

Ta biyu tana bayanin hanyoyin aika kuɗi gida daga waje, minti 12, kuma da yawan masu kallonta suna ƙetare. Kallo 60,000 sun samu talla, biyu kowanne, wato an nuna talla sau 120,000, a kan CPM na dala 4. An biya dala 480, mai tasha ya karɓi dala 264, RPM ya zama dala 2.64.

Bambancin ninki 12 ne, kuma daga wuri uku ya fito: farashi ya ninka sau 4, yawan talla a kallo ɗaya sau 2, kallon da ya samu talla kuma sau ɗaya da rabi. Tunda AdSense ba ya turo kuɗi sai sun kai dala 100, mai ta farko zai yi wata biyar yana jira, mai ta biyu kuwa a wata ɗaya ya wuce.

Idan RPM ɗinka ya faɗi

Fara duba wata, ko Janairu ne. Sai ka duba Geography ka ga ko wani bidiyo ya bazu a ƙasar da talla ke da araha. Sannan ka duba ko yawancin sabon kallon daga Shorts ya zo, domin hakan na jan matsakaicin tashar ƙasa ko da jimillar kuɗin ta ƙaru. Daga nan ka bi bidiyoyinka ɗaya bayan ɗaya ka nemi alamar ruwan ɗorawa. Idan CPM na nan daram amma RPM ya sauka, to matsalar tana yawan kallon da ke samun talla. Idan CPM ɗin ne da kansa ya sauka, to kakar talla ce ta wuce, ko kuma masu kallonka ne suka sauya.