Jeranta matakai masu dogaro da juna a sarrafa bayanai

Jeranta matakai masu dogaro da juna hanya ce ta tsara aikin sarrafa bayanai, ta yadda babu matakin da zai fara sai wanda ya gabace shi ya kammala lafiya. Ƙaramin jeri yakan ƙunshi matakai uku: ɗebo bayanai, tsaftace su, sannan wallafa su.

Misali

A manhajar Apache Airflow, wadda aka fara ƙirƙira a kamfanin Airbnb a shekarar 2014, ana rubuta jerin kamar haka:

```python
extract >> clean >> publish
```

Ƙa'idar asali ta manhajar ita ce `all_success`. Idan `extract` ya gaza, kuma damar sake gwadawa ta ƙare, sai a sanya wa `clean` da `publish` alamar `upstream_failed`, ba a gudanar da su. Saboda haka rahoton jiya yana nan yadda yake, gurɓataccen rahoto bai maye gurbinsa ba.

Iyaka

Tsarin ba ya gane gazawa sai matakin ya bayyana ta. Idan `extract` ya kawo fayil babu komai a ciki kuma bai nuna kuskure ba, ana ɗaukarsa ya yi nasara, har a wallafa fankon rahoto. Shi ya sa ake sa matakin ya ƙirga layukan da ya ɗebo, ya tayar da kuskure idan sifili ne.