Farfashewar molekul a mas sifektirometiri

Farfashewar molekul ita ce tsinkewar da molekul yake yi zuwa ƙananan gutsattsari a cikin na'urar mas sifektiromita, wadda ke auna nauyin ƙwayoyi masu caji. Masana kimiyyar sinadarai suna amfani da nauyin waɗannan gutsattsarin wajen tabbatar da nauyin molekul na sinadari mai kabon da ba a san shi ba, da kuma gano yadda atom-atom ɗinsa suka haɗu.

Yadda ake samun gutsattsarin

A hanyar da aka fi sani, ana mayar da samfurin tururi, sannan a harba masa ilektiron masu ƙarfin 70 eV. Harbin yana fizge ilektiron ɗaya daga jikin molekul, ya bar shi da caji. Wannan shi ake kira ayon na molekul, ana rubuta shi M+. Saboda ƙarfin ya fi abin da ake buƙata yawa, wasu daga cikin ayon ɗin suna tsinkewa. Na'urar tana ganin gutsuren da ke da caji ne kawai. Wanda ba shi da caji sai dai a gano shi ta hanyar ɗebewa. Sakamakon yana fitowa a matsayin layuka a tsaye, kowanne a kan lambarsa ta m/z, wato nauyi a raba da caji. Tunda cajin yawanci ɗaya ne, lambar ita ce nauyin gutsuren.

Tabbatar da nauyin molekul

Layin da ya fi kowanne lamba ba lallai ne ya zama M+ ba. Sinadarai dangin alkohol sukan zubar da ruwa nan take, har layi na ƙarshe da ake gani ya gaza ainihin nauyin da 18. Don haka ana gwada layin da tazarar da ke tsakaninsa da na ƙasa da shi. Tazarar 15 tana nufin CH3 ya fita, 18 kuma H2O. Amma tazarar da ta faɗa tsakanin 4 da 14 ba ta dace da wani gutsure da aka saba gani ba, alama ce cewa layin ba M+ ba ne, ko kuma samfurin gauraye yake. Akwai kuma ƙa'idar naitirojin: idan nauyin bai rabu biyu daidai ba, molekul ɗin yana da naitirojin ɗaya, ko uku, ko biyar.

Misali

A ɗauka wani ruwa ya ba da layuka a 120, 105, 77, 51 da 43, kuma 105 ne mafi tsayi. Daga 120 zuwa 105 tazarar 15 ce, saboda haka 120 ya dace da M+, kuma akwai CH3 mai saurin ɓallewa. Layukan 77 da 51 tare sukan nuna zoben benzin, domin 77 shi ne C6H5+, wanda ke zubar da C2H2 ya koma 51.

Saura tazarar 28 da ke tsakanin 105 da 77. Nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure, domin CO da C2H4 duk nauyinsu 28 ne. Idan CO ne, sinadarin asetofenon ne, C6H5COCH3. Amma kiyumin, C6H5CH(CH3)2, shi ma nauyinsa 120 ne, kuma layinsa mafi tsayi yana 105. Tsayin sauran layukan ne ke raba su. A asetofenon, gutsuren C6H5CO+ yana sakin CO cikin sauƙi, shi ya sa 77 yake wuce rabin tsayin 105, kuma 43 yana fitowa sarai daga CH3CO+. A kiyumin 77 gajere ne.

Na'ura mai auna nauyi har lamba huɗu bayan ɗigo tana yanke gardamar: C8H8O yana ba da 120.0575, C9H12 kuma 120.0939. Ko bayan an tabbatar da C8H8O, gutsattsarin ne ke fitar da sauran masu wannan fomula. Fenil-asetaldehaid, alal misali, layinsa mafi tsayi yana 91 ne, ba 105 ba.

Iyakokin hanyar

Idan M+ bai bayyana ba, ana sake gwajin da hanya mai taushi wadda ke liƙa wa molekul furoton maimakon ta farfasa shi, sai asetofenon ya fito a 121. Sinadaran da bambancinsu kawai shi ne wurin da rassa biyu suka zauna a jikin zoben benzin sukan ba da layuka kusan iri ɗaya. A irin wannan hali ana haɗawa da gwajin NMR ko IR, ko a gwama da samfurin da aka riga aka san shi.