Hawan zafi a firintar 3D

Hawan zafi matsala ce da ke faruwa a firintocin 3D masu narkar da zaren roba, wato filamen. Tana faruwa ne idan zafin da ya kamata ya tsaya a ƙasan kan firinta ya haura zuwa sashen sama, inda ake son filamen ya kasance da taurinsa. Filamen ɗin sai ya yi laushi tun bai kai wurin narkewa ba, ya kumbura, ya toshe hanya.

## Yadda take faruwa

Kan firinta mai zafi yana da sassa uku. A ƙasa akwai tubalin dumama da nozul, inda roba ke narkewa. A sama akwai ƙarfen sanyaya mai haƙarƙari, wanda ƙaramar fanka ke hura wa iska. Tsakaninsu akwai siririn bututu da ake kira maƙogwaro, wanda aikinsa shi ne rage wucewar zafi daga ƙasa zuwa sama. Duk da haka wani zafin yana wucewa, kuma fanka ce ke kwashe shi.

An fi ganin matsalar da filamen na PLA. Ana buga shi a kusan digiri 190 zuwa 220 na ma'aunin Salshiyas, amma yana fara laushi tun a wajen digiri 60. PETG yana laushi a wajen 80, ABS kuwa sai an wuce 100. Kaurin filamen da aka fi amfani da shi milimita 1.75 ne, ramin da yake bi kuma kusan milimita 2 ne. Idan ya yi laushi a sama, giyar da ke turo shi sai ta danne shi ya cika ramin, ya manne da bango.

## Alamomi

Babbar alamar ita ce lokaci. Misali, an fara buga wani abu da PLA a digiri 205, shimfiɗun farko sun fita lafiya. Bayan kamar rabin awa sai roba ta fara fita da ƙyar, injin tura filamen ya soma ƙas-ƙas, giya ta cinye gefen zaren. Daga nan kan firinta ya ci gaba da yawo ba abin da ke fita. Idan aka zaro filamen, za a ga ƙarshensa ya kumbura ya ɗauki faɗin ramin. Bayan an yanke kumburin an bar na'ura ta huce, sai ta sake aiki na ɗan lokaci kafin ta kuma toshewa.

Wannan ya bambanta da toshewar nozul da datti, wadda takan bayyana tun farkon aiki, kuma hucewa ba ta gyara ta. Ƙara zafi yakan taimaka idan roba ba ta narkewa sosai, amma a hawan zafi ƙara dagula lamarin yake yi.

## Duba fanka

Yawancin firintoci suna da fanka biyu a kai. Ɗaya tana sanyaya abin da ake bugawa, ita ce umarnin `M106` yakan sarrafa. Ɗayar tana hura wa ƙarfen sanyaya, kuma ita ake dubawa. A wasu na'urori tana juyawa da zarar an kunna wuta. A wasu kuwa sai zafi ya kai wani mataki, wanda a manhajar Marlin yawanci digiri 50 ne. Ana gwada ta da wannan umarni:

```
M104 S60
```

Idan zafi ya wuce 50 fanka ba ta motsa ba, sai a duba waya da mahaɗinta. Wayar takan karye a ciki saboda yawan lanƙwasuwa, ta riƙa yankewa idan kai ya kai wani gefe, don haka yana da kyau a motsa kan a hankali ana kallon fanka.

Juyawa kaɗai bai isa ba. Fankar da ƙura ta cika, ko wadda ke gurnani, ba ta ba da isasshiyar iska. Dole iskar ta nufi ƙarfen sanyaya, kuma a yawancin fankoki tana fita ne ta gefen da ke da takardar suna. A kuma duba ƙarfin wuta: fanka mai bolt 24 a kan layin bolt 12 za ta juya a hankali ko ta ƙi tashi, mai bolt 12 a kan 24 kuma za ta iya ƙonewa. Saman ƙarfen sanyaya bai kamata ya wuce ɗumi ba yayin aiki, amma a kiyaye taɓa tubalin dumama.

## Sauran dalilai

Idan fanka lafiya take, sai a duba zafin wurin. Akwatin da aka rufe firinta a ciki, ko ɗaki a lokacin bazara, yana sa fanka hura iska mai zafi, shi ya sa ake buɗe ƙofar akwatin idan PLA ake bugawa. Janye filamen baya da nisa yana ɗaga roba mai laushi zuwa sashen sanyi, musamman a maƙogwaro na ƙarfe zalla. Kashe firinta nan take bayan aiki ma yana tsayar da fanka alhali tubali na da zafi, don haka ana jira zafin ya sauka ƙasa da digiri 50.