Abin da ke sa baki da murya su saɓa a bidiyon waya, da yadda ake daidaita fayil kafin tacewa

Bidiyon da aka ɗauka da waya a wurin gangamin siyasa ko a ɗakin tattara sakamakon zaɓe yakan yi lafiya ƙalau a kan wayar da ta ɗauke shi. Sai an saka shi a manhajar tace bidiyo a kwamfuta matsalar ke fitowa: hoto ya riƙa sarƙewa, ko kuma bakin mai magana ya rabu da muryarsa. Ga ɗan jarida ko mai sa ido kan zaɓe wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin saɓanin baki da murya na daga cikin alamun da jama'a ke dubawa kafin su ce an ɗora wa mutum maganar da bai yi ba. Ta haka bidiyon gaskiya zai iya rasa ƙimarsa ta hujja, wanda aka kama da magana kuma ya samu kafar musantawa. A mafi yawan lokuta tushen matsalar ɗaya ne: waya ba ta ɗaukar hotuna da adadi tsayayye.

Yadda waya ke ɗaukar bidiyo

Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, har ido ya ga kamar motsi ne. Kowane hoto guda masu sana'ar na kiransa firem. Kyamarar gidan talabijin tana ɗaukar adadi guda a kowane sakan daga farko har ƙarshe, misali firem 25, kuma tazarar da ke tsakanin kowane biyu ba ta canjawa.

Waya ba haka take ba. Ko da an saita ta a kan 30, wannan lamba buri ne kawai da take ƙoƙarin cikawa. Idan haske ya ragu, takan rage adadin domin kowane firem ya samu ƙarin lokacin shan haske. A wayoyin iPhone akwai saiti mai suna Auto FPS da ke sauke 30 zuwa 24 idan wuri ya yi duhu. Idan waya ta yi zafi ko aiki ya yi mata yawa, takan tsallake wasu firem ɗin. Bidiyon da aka naɗa daga fuskar waya ya fi kowanne wannan hali, domin sau da yawa ba a ƙara sabon firem sai wani abu ya motsa a fuskar.

Wannan ba lalacewa ba ce. A cikin fayil ɗin, kowane firem yana da nasa lokacin da aka rubuta masa, wato daidai inda ya kamata ya bayyana. Manhajar kallo tana bin wannan lokaci, shi ya sa bidiyon ke tafiya daidai a waya. Sauti kuwa a tsaye yake: ana naɗar sa da ma'auni guda da ba ya hawa ba ya sauka, ko da haske ko babu.

Inda saɓanin ke shigowa

Manhajar tacewa tana jera aiki a kan layi mai gurabe daidai-wa-daida, misali gurbi 30 a kowane sakan. Idan aka ba ta bidiyo mai adadi mai sauyawa, ɗayan abu biyu ke faruwa. Ko dai ta yi watsi da lokutan da aka rubuta ta zuba firem ɗin gurbi-gurbi kamar tazararsu ɗaya ce, sai hoto ya gajarta ya bar sauti. Ko kuma ta yi ƙoƙarin bin lokutan tana maimaita wasu firem tana zubar da wasu nan take, sai a ga sarƙewa, ko yankan da aka yi ya faɗa wurin da ba a nufa ba. Manhajojin yanzu sun fi na da iya jure irin wannan fayil, amma matsalar kan dawo a dogon bidiyo, ko idan za a haɗa shi da muryar da aka naɗa da wata na'ura dabam.

A ɗauki misalin jawabin minti 10 da aka fara ɗauka kafin magariba. Minti 6 na farko akwai haske, wayar na kan 30, ta tara firem 10,800. A minti 4 na ƙarshe duhu ya shigo, ta sauka zuwa 24, ta tara 5,760. Jimla 16,560 ke nan, alhali minti 10 a kan 30 na buƙatar 18,000. Idan manhaja ta jera su duka a kan 30, hoton zai ƙare a sakan 552, muryar kuma sai sakan 600. A minti 6 na farko komai daidai yake. Daga nan hoto zai fara tsere wa murya da sakan 12 a kowane minti na jawabin, har giɓin ya kai sakan 48 a ƙarshe.

Wannan misali mai tsanani ne. Abin da aka fi gamuwa da shi ɗan ƙaramin bambanci ne da ke taruwa a hankali. Bidiyon da matsakaicin adadinsa ya tsaya a 29.8 maimakon 30 zai zame da sakan 4 a cikin minti 10. Ido kuwa yakan lura da saɓanin baki da murya tun bai kai rabin sakan ba.

Yadda ake gane cutar

Alamar farko a kunne da ido take. Idan saɓanin yana ƙaruwa yayin da bidiyo ke tafiya, farko daidai ƙarshe a karkace, to adadi mai sauyawa ne abin zargi. Idan kuwa giɓin girmansa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wata matsala ce dabam, kuma matsar da layin sauti gaba ko baya ya isa ya gyara ta.

Tabbaci yana samuwa daga manhajar MediaInfo, wadda kyauta ce. Idan aka buɗe fayil a cikinta, a nemi layin `Frame rate mode`. In an ga `Constant`, adadin a tsaye yake. In an ga `Variable`, a duba layuka biyu na ƙasa, `Minimum frame rate` da `Maximum frame rate`. Kusan duk bidiyon waya `Variable` yake nunawa, saboda haka abin lura shi ne nisan da ke tsakanin lambobin biyu. Idan suna dab da juna, gajeren bidiyo zai iya wucewa lafiya. Idan ɗaya 24 ce ɗaya 30, sai an juya fayil ɗin.

Yadda ake juyawa

Kafin komai, a kwafe fayil ɗin asali a ajiye shi gefe, kada a taɓa shi. Juyawa sabon fayil take haifarwa, kuma bayanan da waya ta rubuta a ciki, kamar ranar ɗauka da samfurin waya, na iya canjawa ko su ɓace. Ranar da aka ƙalubalanci sahihancin bidiyon, na asalin ne za a nema.

Hanya mafi sauƙi ita ce manhajar HandBrake, ita ma kyauta. Bayan buɗe fayil, a shiga shafin `Video`. A gurbin `Framerate (FPS)` a zaɓi 30, sannan a danna `Constant Framerate`. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin sau da yawa `Peak Framerate` ne ke kunne tun farko, shi kuwa iyakar sama kawai yake sanyawa, ya bar adadin yana sauyawa a ƙasa da ita. A saita `Constant Quality` a kan 18 zuwa 20. Ƙaramar lamba ta fi inganci, amma fayil ɗinta ya fi nauyi. A kuma leƙa shafin `Dimensions` don kada a rage girman hoton ba da sani ba.

Wanda ya saba da rubuta umarni zai yi aikin da FFmpeg a layi guda:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -vf fps=30 -c:v libx264 -crf 18 -c:a copy aiki.mp4
```

Sashen `fps=30` yana karanta lokacin kowane firem ya ajiye shi a gurbin da ya fi kusa da shi, ya cike giɓi da maimaici. Sashen `-c:a copy` yana kwafe sautin yadda yake, ba tare da an sake matse shi ba. A misalin jawabin nan, za a ƙara firem 6 a kowane sakan na minti 4 na ƙarshe, wato 1,440. Idan aka haɗa su da 16,560 sun cika 18,000, hoto da murya su ƙare tare a sakan 600.

Adadin da za a zaɓa shi ne wanda aka saita wayar a kai, ko wanda sauran aikin ke kai. Tsarin talabijin na Najeriya da Nijar a kan 25 yake, don haka bidiyon da za a miƙa wa gidan talabijin zai iya buƙatar 25. Sai dai sauke 30 zuwa 25 na nufin zubar da firem 5 a kowane sakan, kuma ana ganin alamar hakan idan kyamara na juyawa. Ga abin da za a wallafa a intanet, barin sa a 30 ya fi.

Bayan juyawa a sake buɗe sabon fayil a MediaInfo a tabbatar ya nuna `Constant`. Sannan a kalli farkonsa, tsakiyarsa da ƙarshensa, ana lura da kalmomi masu harafin “b” ko “m”, inda leɓɓa ke haɗuwa, domin nan ne saɓani ya fi saurin bayyana.

Abin da juyawa ba ta gyarawa

Juyawa ba ta dawo da firem ɗin da waya ba ta ɗauka ba. Maimaici ne kawai ke cike gurbinsu, don haka sashen da aka ɗauka cikin duhu zai ɗan riƙa tsayawa, ko da yake murya ta zauna daidai. Haka kuma ba ta warkar da bidiyon da aka riga aka tace aka fitar da saɓanin a jikinsa, domin lokutan asali sun riga sun goge. Dole a koma kan fayil ɗin farko, a juya shi, a sake tacewa. Wannan ne dalilin da ya sa juyawa ke zuwa kafin yanka na farko.

Kowace juyawa kuma tana rage inganci kaɗan, don haka sau ɗaya ake yin ta, daga asali. Bidiyon da aka turo ta WhatsApp ta hanyar da aka saba an riga an matse shi. Ya fi kyau a nemi wanda ya ɗauka ya turo shi a matsayin `Document`, domin ya iso yadda ya fito daga waya.

Tun a wurin ɗauka ma ana iya rage wahalar: a kashe saitin da ke sauya adadi da kansa idan wayar na da shi, a nemi haske, kada kuma a bar waya ta yi zafi. Idan akwai na'urar naɗar murya ta dabam, a tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara a farkon ɗauka, a sake tafawa a ƙarshe. Idan tafin farko ya dace da ƙararsa, na ƙarshe ma ya dace, to duk abin da ke tsakaninsu za a iya dogara da shi.