Rokar Ariane 5 da tambayar yaushe ya kamata manhaja ta tsaya

Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tashi karon farko daga Kourou, a yankin Guiana na Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na shirin Cluster. Cikin kimanin daƙiƙa 40 ta kauce hanya, ta tarwatse a sararin sama. Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya gano cewa injunan ba su da laifi. Abin da ya kashe rokar shi ne shawarar da aka yanke tun da farko kan abin da manhaja za ta yi idan ta ci karo da matsala.

A harsunan rubuta manhaja na farko, idan wani aiki ya gaza, lamba kawai yake mayarwa, kuma mai rubutu yana iya manta duba ta, aiki ya ci gaba a kan kuskure. Harshen PL/I a shekarun 1960, da CLU na Barbara Liskov a shekarun 1970, sun share wata hanya dabam, wadda ake kira `exception`: matsalar da kanta take katse aiki, ta koma baya tana neman wanda zai karɓe ta. In ba a samu ba, manhajar ta tsaya. Daga baya C++ da Java suka yaɗa sigar da aka fi sani, inda ake gwada aiki cikin `try`, a tarbi matsala cikin `catch`.

Manhajar na'urar da ke auna matsayi da gudun Ariane 5 da harshen Ada aka rubuta ta, kuma gado ce daga Ariane 4. A cikinta akwai layin da ke juya wata lamba mai alaƙa da gudun rokar a kwance, daga ma'aji mai bit 64 zuwa mai bit 16, wanda iyakarsa 32,767. Injiniyoyi sun san wurare bakwai da irin wannan ambaliya za ta iya faruwa. Sun kare huɗu, sun bar uku, domin ana son nauyin aikin kwamfutar kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari, kuma lissafi ya nuna lambobin ba za su kai can ba. Lissafin ya dace da Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi saurin tara gudu a kwance, sai lambar ta cika ta tumbatsa.

Ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce, duk matsalar da ba a tarba ba, na'urar ta aika rahoton gazawa ta kashe kanta, ta biyu ta karɓi aiki. Wannan yana da ma'ana idan wani ƙarfe ne ya lalace. Amma na'urorin biyu manhaja ɗaya suke gudanarwa, don haka ta jiran ko-ta-kwana ta riga ta mutu da ciwo ɗaya, ƙasa da daƙiƙa guda kafin 'yar'uwarta. Babbar kwamfutar kuwa ta karanta rahoton gazawar a matsayin bayanan tafiya, ta murɗa bakunan injuna har ƙarshe. Abin takaicin, lissafin da ya gaza na daidaita na'urar ne kafin tashi, ba shi da wani amfani bayan roka ta bar ƙasa.

Wasu na fahimtar labarin da cewa a tarbi kowace matsala a wuce. Dubi abin da hakan ke haifarwa a manhajar biyan albashi da aka rubuta da Java:

```java
try {
    albashi = Integer.parseInt(rubutu);
} catch (NumberFormatException e) {
    albashi = 0;
}
```

Idan aka shigar da `85,000` da waƙafi, juyawar za ta gaza, ma'aikaci ya tashi da sifili, ba tare da wata alama ba. A nan tsayawa da ƙara ita ce daidai: akawu yana zaune, kuɗi bai fita ba, gyaran na minti ɗaya ne.

Bambancin wuraren biyu ya rataya kan tambayoyi uku. Shin akwai yanayin aminci da za a tsaya a cikinsa? Shin akwai wanda zai ji ƙarar ya gane cewa ƙara ce? Shin abin da ya gaza yana cikin ainihin aikin? Manhajar albashi ta amsa e ga duka ukun. Roka mai tafiya ta amsa a'a ga duka, don haka abin da ya dace da ita shi ne ta yar da lissafin da ya gaza, ta ci gaba da bayar da mafi kyawun ƙiyasinta. Kwamitin Lions ya ba da shawara makamanciyar wannan, ya kuma ce kada a bar wata manhaja tana aiki lokacin tafiya sai idan ana buƙatarta.