Awon zobe a gida: yadda za a fitar da lambar yatsa ko da bazara ta kumbura shi

Ɗan uwa da ke Faransa, ko Kurmi, ko wanda ya tafi Makka, ya kan bugo waya ya ce zai sayo zobe, a turo mashi awon yatsa. Mu kuma a nan gida sai mu ce "kamar dai na wance ne", ko mu tura hoton hannu. Hoto ba ya ba da awo. Zoben zinariya ko na azurfa kuɗi ne masu yawa, kuma in ya iso bai shiga ba, mayar da shi shagon da aka saye shi ba abu ne mai yiwuwa ba. Abin da ya kamata a tura shi ne lamba guda, wato kewayen yatsa a milimita.

Kayan aikin ba su da wuya: takarda, almakashi, bik, da rula irin ta ƴan makaranta. A yanko takarda siririya, faɗinta kamar rabin santimita, tsawonta kamar santimita 10. A naɗa ta a gindin yatsan da za a sa ma zoben, ta kwanta bisa fata ba tare da ta nutse cikin nama ba. Inda bakin takardar ya haɗu da jikinta, a sa alama da bik. Sai a warware, a shimfiɗa bisa rula a ƙirga ƙananan layukan. A lura, sifilin rula ba a bakin katakon yake farawa ba, akwai ɗan fili kafin shi, kuma wanda ya fara ƙirga daga baki ya riga ya ɓata awon. Zare da roba ba mu ba da shawararsu ba, don zare yana miƙewa in an ja shi, kuma yana shiga cikin nama, sai ya ba da lamba ƙasa da ta gaskiya. Sannan a auna hannun da za a sa zoben, domin yatsun hannun da mutum ya fi aiki da shi sukan ɗan fi kauri.

Gindin yatsa kaɗai bai isa ba. Zobe sai ya ratsa gaɓar tsakiya kafin ya zauna, kuma mutane da dama, musamman manoma da dattawa, gaɓarsu ta fi gindin kauri. To, ita ma a auna ta. Hanya mai sauƙi ita ce a liƙe takardar a kan alamar, ta zama kamar zobe, a gwada zare ta. In ta wuce gaɓa da ɗan turawa, daidai ne. In ta faɗo da kanta, ta yi yawa.

Yanzu sai maganar zafi, wadda ita ce ke rikita awo a ƙasarmu. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, rana a watan Afrilu da Mayu takan wuce digiri 40. Jiki in ya ji zafi yana buɗe jijiyoyin jinin da ke kusa da fata don ya fitar da zafin, jini ya yawaita a hannu, ruwa kuma ya ɗan taru cikin naman yatsu. Shi ya sa zoben da ke juyawa da sauƙi cikin hunturu sai ya kama gam da bazara. Doguwar tafiya a ƙasa hannu na lilo, daka, noma, da abinci mai gishiri da yawa duk suna ƙara kumburin. Sanyi kuwa akasin haka yake yi, yatsa ya tsuke. Wanda ya auna da asubahin watan Janairu zai sami zoben da zai matse shi in bazara ta zo, wanda kuma ya auna da tsakar ranar Afrilu bayan ya dawo kasuwa, nashi zai iya sulluɓewa cikin rijiya ko ruwan wanki da ɗari.

Saboda haka awo ɗaya ba awo ba ne. A yi shi sau uku a yini, da hantsi, da azahar, da maraice bayan an zauna a inuwa jiki ya huce, kuma a maimaita kwana biyu ko uku. Mu ɗauki misali. A ce wata ɗiya ce za a sayo ma zoben aure, kuma cikin Afrilu ake awon. Da hantsi gindin yatsanta ya ba da milimita 55, da azahar bayan ta gama daka ya ba da 57, da maraice 56, gaɓarta kuma 56. Lambar 55 ba za ta wuce gaɓa ba sai da wahala. Ita kuwa 57 ta lokacin da kumburi ya kai ƙarshe ce, in sanyi ya shigo zoben zai yi ta juyawa. Abin da za a tura shi ne 56. Da a ce cikin hunturu aka yi awon aka sami 55, sai a ƙara milimita guda don a bar ma bazara wurinta. A ganinmu, in an rasa zaɓi tsakanin lambobi biyu, gara babbar: zoben da ya ɗan yi yawa ana iya naɗa mashi zare ta ciki, wanda ya matse kuwa sai an kai ga maƙeri. Zobe mai faɗi, irin na azurfa da maza ke sawa, ya fi siriri kama yatsa, don haka shi ma a ƙara mashi milimita guda ko biyu.

Mai juna biyu ta dakata da awo sai bayan haihuwa da ƴan watanni, don yatsunta na yanzu ba su ne na kullum ba. Amma in hannu da fuska suka kumbura mata farat ɗaya, ga ciwon kai, wannan ba zafin rana ba ne, a tafi gidan likita a auna jininta.

Ga wanda ke waje, lambar tana sauya suna daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa lambar zobe ita ce kewayen cikinsa a milimita, wato 56 ɗinmu 56 ce a can. A Italiya ana cire 40, ta koma 16. A Amurka wani lissafi ne daban, inda 54 ta yi kusa da lamba 7, 57 kuma kusa da 8, ke nan 56 tana wajen 7 da rabi. Ingila da haruffa suke aiki. Kada mu wahalar da kanmu da juyawa. A rubuta "kewayen yatsa, milimita 56", mai shago yana da sandar awo da zai gwada zoben a kanta.

Idan akwai tsohon zoben da ke zama daidai a wannan yatsan, ana iya auna faɗin raminsa daga ciki zuwa ciki, ban da kaurin ƙarfen, a ninka da 3.14. Faɗin milimita 17.5 zai ba da kusan 55, na 18 kuma 56 da rabi. Kun ga kuskuren rabin milimita ya zama milimita ɗaya da rabi, don haka a gwama wannan da awon takarda. Wanda ke kusa da gari, kai tsohon zoben wurin maƙerin azurfa ya fi.

In kuma zobe ya riga ya maƙale, kada a fizge shi, fizga tana ƙara kumburi. A tsoma hannun cikin ruwan randa mai sanyi, a ɗaga shi sama da kai na ƴan mintoci, a shafa sabulu ko man gyaɗa, a rinƙa murza zoben a hankali ana jawowa. In yatsan ya sauya launi, ko ya mutu ba a jin taɓi, a bar dabarun gida a garzaya gidan likita a yanke zoben. Na azurfa da na zinariya marar duwatsu, maƙeri yana iya sake haɗa shi har ya ƙara mashi faɗi.